Famfo ba ya gudu: yadda ake zaɓar Hausar run, set da light

Wata ƙungiya mai gina rijiyoyi ta taɓa miƙo mini takarda shafi biyu a nan Tawa, wai in mayar da ita Hausa kafin kasuwar Lahadi. Bayani ne na famfo mai aiki da hasken rana da za a girka a wani ƙauye ta wajen Keita, kuma da Ingilishi ya zo, kamar yawancin takardun da ke cikin kwalin irin waɗannan kaya. Manyan kalmomin fasaha ba su wahalar da ni ba, don kowace ma'ana ɗaya gare ta, in ka same ta ka huta. Ƙananan nan uku da kowane ɗan lakol ya sani, wato *run* da *set* da *light*, su suka cinye mini yini guda. Sun fito sau goma sha wani abu a shafi biyun nan, kuma da ƙyar aka samu wuri biyu da Hausarsu ta zo ɗaya.

Dalili shi ne yadda muka koye su. A aji an ba mu *run* gudu, *light* haske, *set* kuwa kowa da abin da malaminsa ya ce, muka rubuta a kaye muka hardace. Alhali babban ƙamusun Oxford, a bugunsa na 1989, ya jera wa *set* ma'anoni 430 a matsayin aikatau, da aka sake bitar *run* a 2011 kuma aka ƙirga masa 645. Babu mai hardace wannan, kuma babu buƙata. Hanyar da nake bi ita ce in bar kalmar a gefe, in kalli abin da ke tsaye kusa da ita, in gane me ke faruwa a zahiri, sa'an nan in faɗe shi yadda Bahaushe zai faɗa in da shi ya gani da idonsa. Bari mu bi takardar nan layi-layi ka ga yadda ake yi.

Da farko, wace irin kalma ce a nan?

Kafin ka buɗe ƙamus, ɗauki bik ka ja layi ƙarƙashin kowane wuri da kalmar ta fito, ka rubuta a gefe ko suna ce, ko aikatau, ko sifa. Wannan kaɗai yakan kawar da rabin ruɗanin. In ka ga *a* ko *the* a gabanta kuma babu wani suna bayanta, suna ce. In ita ta buɗe jimlar umarni, aikatau ce. In ta zauna gaban wani suna tana bayyana shi, sifa ce. A takardata akwai *one set of spanners*, kuma da ganin *one* a gaba da *of* a baya ka san suna ce, tarin abubuwa masu tafiya tare. Makanikai da masu sayar da kwanoni duk "saiti" suke cewa, don haka na rubuta "saitin sifana ɗaya" na wuce.

Sai ka duba ƴar kalmar da ke biye da aikatau ɗin, irin su *out*, *up*, *off*. In tana nan, su biyun kalma ɗaya ce, kada ka raba su. *Run out* ƙarewa ce, babu gudu babu fita a cikinta. *Set up a committee* kafa kwamiti ne, ko girka kwamiti kamar yadda muka fi ji a rediyoyin Nijar. Wanda ya fassara su ɗaya-ɗaya zai wayi gari da "ruwa ya gudu waje" a inda ake nufin ruwan tanki ya ƙare.

Wa ke yi, kuma me ake yi wa?

Nan ne aikin yake. Layin farko na takardar ya ce: *Run the pump for ten minutes before you fill the tank.* Abin da ake yi wa aikin inji ne, kuma inji a Hausa ana kunna shi ko a tayar da shi, shi kuma ya yi aiki. Idan ka ce famfo ya yi gudu, mai sauraro zai ji batun sauri, kamar yadda ake cewa mota tana gudu, ya shiga neman inda ake ƙara masa wuta. Na rubuta: "A kunna famfo a bar shi ya yi aiki minti goma kafin a fara cika tanki." Kalma ɗaya ta Ingilishi ta zama biyu, kunnawa da barin ya yi aiki, saboda "kunna shi minti goma" kaɗai bai fito da cewa a bar shi a kunne ba.

Layi na biyu shi ne mai haɗari: *Do not let the pump run dry.* Hannuna ya riga ya rubuta "kada a bar famfo ya ƙafe", don *run dry* ƙafewa ce idan rijiya ko tabki ake magana. Amma mai aikatawa a nan famfo ne, kuma famfo ba ya ƙafewa. Abin da ake gudu shi ne injin ya ci gaba da juyawa alhali ruwan rijiya ya sauka ƙasa da bakinsa. Irin famfon da ake zurawa cikin rijiya, ruwan da yake ja shi ke sanyaya shi yana kuma sa kayan cikinsa su yi santsi, in babu ruwa sai ya yi zafi ya lalace. Da na bar "ƙafe", mai gadin famfo zai ɗauka ba shi da abin yi, tunda ƙafewar rijiya ba a hannunsa take ba. Jimlar da ta tafi ita ce: "Kada a bar famfo yana aiki babu ruwa. In ruwa ya daina fitowa, a kashe shi nan take." Rabin na biyu na ƙara shi ne da izinin masu aikin, bayan na tambayi mai haɗa injin.

Ka lura, kalmomin Ingilishin ba su sake ba ko kaɗan tsakanin rijiya da famfo. Abin da ya sake shi ne wanda ke aikatawa, shi ya sa nake cewa a fara da shi.

Sauran biyun sun fi sauƙi. *The pipe runs from the well to the tank*: tiyo ba ya motsi, shimfiɗe yake, don haka "tiyo ya taso daga rijiya har zuwa tanki". *The committee runs the water point*: a nan mutane ne ke riƙe da harka, kuma Hausa ta ba ka zaɓi uku. "Gudanar da" ita ce ta ofis da labaran rediyo, kuma abin sha'awa daga tushen gudu ɗin ta fito, ta hanyar gudana irin ta ruwa. "Tafiyar da" ta fi kusa da bakin mutane. "Kula da" ta fi ƙarfi wajen tsaro da gyara, ta fi rauni wajen iko da kuɗi. Tunda kwamitin nan shi ke karɓar kuɗin ruwa yana biyan mai gadi, na ɗauki "kwamiti ne ke tafiyar da harkar famfon".

In ka saba da wannan tambaya, za ka ga kowane abu da aikatau ɗin da Hausa ta riga ta ba shi. Famfon gida da aka bari a buɗe, ruwa na zuba. Atamfar da rininta ke fita a wanki, ita ma zuba take yi. Yaro mai mura, hancinsa na yoyo. Ɗan siyasa kuwa, inda Bature ya sa shi gudu, mu tsayuwa muke sa shi: ya tsaya takara. Gudu na gaskiya sai ga mai ƙafa, ko abin hawa in ana zancen saurinsa.

Set: ina ake sa abin, kuma me ya zama bayan an sa shi?

Ainihin *set* shi ne sa abu a wani wuri ko wani hali ya tsaya a nan. Hausa ba ta da kalma ɗaya mai wannan faɗin, sai "sa", ita kuma ta yi sako-sako da yawa ga takardar umarni. Tambayar da ke raba gardama ita ce yadda abin zai zauna. A ƙasa ne kawai, ajiyewa. A kan wani abu, ɗorawa, ko azawa kamar yadda muka fi faɗa a Adar. In zai tsaya daram ya daɗe, girkawa ko kafawa. *Set the tank on a level base* ya zama "a aza tanki bisa dakali wanda ya daidaita, bai karkace ba".

Daga nan sai layin da na fi daɗewa a kai: *Let the concrete set before you load it.* Kusan duk wanda ka tambaya a hanya zai ce maka "a bar siminti ya bushe". Kuskure ne mai tsada. Siminti ba bushewa ke ƙarfafa shi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, shi ya sa magina ke yi wa sabon dakali ban ruwa safe da yamma har kwana bakwai, kuma cikakken ƙarfin da injiniyoyi ke aunawa sai a kwana 28. A zafin watan Afrilu na Tawa, dakalin da aka bari ya bushe da wuri tsagewa yake yi, ya riƙa gugar gari. In takarda ta ce "ya bushe", ka ba mutane hujjar hana shi ruwa ke nan.

Na je wajen wani tsohon magini a unguwarmu na ce, "Baba, in kun zuba kankare, me kuke cewa ya yi kafin ku yarda a taka shi?" Ya ce, "Sai ya kama, ɗana. Bushewa ta laka ce." Na rubuta "a bar kankaren ya kama sosai kafin a aza masa nauyi". Ban tambaye shi ma'anar kalmar Ingilishi ba, don bai san ta ba kuma ba aikinsa ba ne. Na kwatanta masa halin, na saurari kalmar da ta fito daga bakinsa. Haka za ka yi da ungozoma, da makaniki, da mai ɗori: shi ma in ƙashi ya karye ɗori yake yi, kamar yadda maharbi ke ɗana tarko, alhali Ingilishi duk *set* ya ce.

Ragowar ba su ɗauki lokaci ba. *Set the timer* saita agogon injin ne, tunda na'ura ce ake daidaitawa zuwa wani adadi. *When the sun sets* rana ta faɗi. *Set the price* kuwa tsayar da kuɗin ruwa ne, don shawara ce ta mutane, kamar yadda ake tsayar da ranar biki. "Saita farashi" da nake gani a wasu fassarori na wayar salula ba Hausar kasuwa ba ce. A nan ma wani abu ya so ya kuɓuce mini: takardar ta kawo misalin faran 25 a kan jarka, wanda a bakinmu dala biyar ne. Da na rubuta ashirin da biyar tsurarta, wani zai ji dala ashirin da biyar, kuɗin ya ninka sau biyar.

Akwai wuri ɗaya da ba a fassarawa sam. A jikin akwatin injin akwai maɓallai da aka rubuta wa `RUN` da `SET` da `STOP`. Mai gadi da idonsa zai neme su, don haka sai ka bar rubutun yadda yake ka yi bayani a gefensa: "a danna maɓallin da aka rubuta wa `RUN`, shi ne na kunnawa". In ka rubuta "danna Kunna", zai duba akwatin bai ga Kunna ba.

Light, da inda Faransanci ke taimako

Mu da muka yi lakol da Faransanci muna da wata dama a kan wannan kalma, don Faransanci ya riga ya rarraba ta: *lumière* daban, *léger* daban, *clair* daban, *allumer* daban. In ka tambayi kanka wacce daga ciki Bafaranshe zai sa a nan, ka san reshen da kake kai. *The panel is light* nauyi ake nufi: "faifan ba shi da nauyi, mutum ɗaya na iya ɗaukarsa". *Light rain* yayyafi ne, kalma ɗaya tak, kuma duk wanda ya rubuta "ruwan sama marar nauyi" ya nuna cewa Ingilishin yake kallo. *The light blue wire* launi ne: "waya shuɗiya mai haske". Kada ka ce shuɗi-shuɗi, don wannan na nufin abin da ya yi kama da shuɗi, ya ɗan karkata can, kuma mai haɗa wayoyi yana buƙatar ya san takamaimai wacce zai kama.

Amma Faransancin tsani ne kawai, ba a kwana a kansa. Shi ma yana da nasa tarkon. Inji mai aiki, Bafaranshe cewa yake *il marche*, shi ya sa za ka ji ɗan boko a Yamai yana cewa famfo "yana tafiya". A hira ya wuce, kowa ya gane. A rubuce kuwa, ga mutumin ƙauye, "yana aiki" ita ce ba ta da ƙura.

Layin da ya fi ba ni tsoro a takardar shi ne: *If the red light comes on, stop the pump.* A nan *light* suna ce, kuma Hausa na da uku: haske, fitila, wuta. Haske shi ne abin da ke fitowa, fitila ita ce abin da ke bayar da shi, wuta kuwa ta haɗa lantarki da wutar murhu da gobara. A gari muna cewa "jar wuta ta kama" a mahaɗar titi, babu mai firgita. Na rubuta haka a zubin farko, na karanta wa wata gwaggota da ba ta yi boko ba, na ce, "Gwaggo, in kin ji wannan me za ki yi?" Ta ce, "In wuta ta kama, ai ruwa zan ɗebo in watsa, ko ƙasa." Ruwa a kan akwatin lantarki! Nan take na sake shi: "In ƴar fitilar nan ja da ke jikin akwatin ta kunnu, a kashe famfo." Ya fi tsawo, amma ya nuna abin da za a kalla da inda yake.

Ƙamus, da gwajin ƙarshe

Ban ce a yar da ƙamus ba, tsarin buɗe shi ne ke da muhimmanci. Fara da na Ingilishi zalla, ka sauka cikin jerin ma'anonin har ka sami misalin da ya yi kama da jimlarka, wato mai irin mai aikatawarka da irin abin da ake yi wa aikin. Sai ka je na Ingilishi zuwa Hausa. Wanda Roxana Ma Newman ta fitar a 1990 ya dace da wannan aiki domin yana rarraba ma'anoni da misalai, bai tsaya ga jera kalmomi ba. In ka sami kalmar da kake so, juya ka neme ta a na Hausa zuwa Ingilishi, kamar na Paul Newman na 2007, ka ga sauran abubuwan da take ɗauke da su. Wannan juyawar ce ke tona irin matsalar "wuta", don kalmominmu ma masu fuska da yawa ne: kama, ci, sha, faɗi, kowace tana da nata tarin. Na Bargery na 1934 tsoho ne, babu famfon hasken rana a cikinsa, amma yana nuna kalmomin Sakkwato da Katsina da Gobir, waɗanda sau da yawa suka fi kusa da Hausarmu ta nan fiye da ta Kano. Na Abdu Mijinguini, na Hausa zuwa Faransanci, shi ma yana da amfani in kana son tabbatar da yadda kalma take a wannan ɓangaren iyaka.

Alamomin da ke nuna ka kauce ba su da wuyar ganewa. In ka ga "gudu" ko "haske" sun maimaitu a fassararka daidai wuraren da *run* da *light* suka maimaitu, ka koma, kalma ka bi. In jimlarka daidai take a nahawu amma ba ka taɓa jin wani ya faɗe ta ba, ita ma abar zargi ce. Akwai kuma kishiyar wannan: a inda ma'ana ɗaya ta dawo, kalma ɗaya za ta dawo. In ka ce "kunna" a layi na farko, kada ka koma "tayar" a na bakwai don ƙawa, mai karatu zai zaci aiki biyu ne daban.

Sa'an nan ka rufe takardar Ingilishin, ka karanta Hausar da ƙarfi ga wanda zai yi aiki da ita. Kada ka ce masa "ka gane?", don kunya za ta sa ya ce e. Ka ce ya nuna maka da hannu abin da zai yi, ko ya maimaita da bakinsa. Ranar da aka kai kayan, na sa aka karanta wa mai gadin famfon shafi biyun a gaban akwatin. Ya nuna maɓallin kunnawa, ya nuna ƴar fitilar, ya ce in ruwa ya tsaya zai kashe. Da aka zo kan "saita agogon injin" sai ya duba tsintsiyar hannunsa, ya ce shi ba shi da agogo. Na karɓi takardar na gyara da bik a nan tsaye: "a saita lokacin tashi da na tsayawa a jikin akwatin, da maɓallin da aka rubuta wa `SET`".